Doyar da na gani a hoto ba ita na fere ba

Salam Anti. Ni mai soya doya da ƙwai ce a Agege, tunda na haihu bana iya zuwa kasuwar Mil 12 da kaina, ƙanin maigidana ne da ke harka a can yake turo min hoto a WhatsApp in zaɓa in tura kuɗi. Watan jiya na ɗauki rabin ƙwarya, wato guda hamsin, a hoto lafiyarta lau, da na fara ferewa kusan goma duk baƙi ne a ƙarƙashin ɓawo. Na yi shiru saboda kunya. Yanzu ya sake turo hotuna huɗu, gasu nan na haɗo miki, wasu da ramuka wasu da wani fari-fari kamar fumfuna, ya ce ba komai bane. Dan Allah ya zan gane ruɓewa da tabon da bashi da illa? Jarina kenan, kuma bana son rigima da dangin miji.
Maman jariri, Agege

Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya raya jariri ya ƙara miki lafiya. Na buɗe hotunan na ja su da yatsa na ƙura musu ido, kuma abun da zai baki mamaki shine waɗanda suka tsorata ki su ne basu dame ni ba, wadda ta tayar min da hankali ita ce ta hoto na huɗu, wadda nasan da ke ce a kasuwa ita zaki fara nunawa ki ce a saka miki.

Mu fara da ta ramukan. Kin lura ramukan a zagaye suke, kamar an danna kan babban yatsa a danyar ƙasa an cire, bakinsu a share, cikinsu kuma launinsa ɗaya da sauran ɓawon? Wannan aikin wani baƙin ƙwaro ne mai kama da buzuzu da ke cin doya tun tana cikin kunya a gona, musamman gonakin da ke kusa da kogi ko fadama, yana ƙwaƙule rami zurfin santimita 1 zuwa 2 ya wuce abunsa. Tun kafin a haƙo doyar wajen ya riga ya warke, doya tana yin sabuwar fata a kan rauni kamar yadda ciwon mutum yake yin ɓawo. Idan kika zo ferewa sai ki sa bakin wuƙa ki zagaye ramin ki cire, ƙasansa fari tas. Muninsa kawai ke karya mata kuɗi, masu saye su kai gidan biki ko su jera a kanti basa so, ke kuwa da zaki yanka ta sala-sala ki tsoma a ruwan ƙwai ina ruwanki da muni, ai irinta ma ya kamata ki dinga nema a rage miki. Abu ɗaya zaki duba a irin ramin nan, bakinsa. In kika ga wani duhu ya zagaye shi kamar inuwa ya bazu cikin lafiyayyen ɓawo, ko cikin ramin yana sheƙi kamar an ɗiga mai, toh ruɓewa ta samu ƙofa ta nan. A naki hoton ban ga haka ba.

Kuma wannan shine ma'aunin da nake so ki riƙe a duk hoton da za a turo miki, ko na doya ne ko dankali ko lemu. Tabon da ya warke a bushe yake, baya ƙyalli, yana da iyaka da zaki iya bi da biro ki zana, kuma ko dai daidai yake da fatar ko ya ɗan taso kamar ɓawon ciwo. Ruɓewa ita bata da iyaka mai kaifi, duhun yana narkewa ne a hankali cikin lafiyayyen waje, wajen yana lotsawa ciki saboda naman da ke ƙasa ya mutu ya saki, sau da yawa kuma da danshi. Dalili kuwa shine tabo abu ne da ya faru ya ƙare, ita kuwa ruɓewa tana kan tafiya ne a lokacin da aka ɗauki hoton, wancan dishi-dishin gefen shine inda ta kai yau, gobe ta wuce nan.

Sai farin da ke hoto na biyu da na uku, kuma ba abu ɗaya bane duk da a ido sun yi kama. Na hoto na biyu yana kan wajen da fartanya ta sare ne, a shafe yake lif, har kina iya ganin sawun yatsu a gefe inda ya zarce kan ɓawo. Toka ce wannan. Manoma da 'yan kasuwa sun daɗe suna shafa toka a saran doya dan wajen ya bushe da wuri kada fumfuna ta kama, kuma dabara ce mai kyau, ganin toka yana nuna an kula da kayan. Sai dai nasan akwai masu shafa ta a kan wajen da ya riga ya fara lalacewa dan a rufe ido, shi yasa in kika ga toka ki kalli abun da ke kewaye da ita, ba ita kanta ba. In gefen a bushe yake shikenan. In tokar ta yi duhu ta dunƙule kamar ta sha ruwa alhali sauran doyar a bushe take, ruwan daga ciki yake fitowa.

Na hoto na uku kuma ɗigo-ɗigo ne farare ƙanana, sun taru wajen kan doyar da cikin lunguna, ko wanne daban da ɗan'uwansa kamar an watsa garin rogo. Waɗannan ƙwari ne masu manne wa ɓawo suna tsotsa, wasu masu ɗan ƙoƙo kamar ɓawon kifi wasu masu farin gari a jiki kamar auduga, suna yawa a tsohuwar doya da ta daɗe a rumbu. Basa shiga nama, in an goge da tsumma ko buroshi suna fita, illarsu ita ce in sun yi yawa doyar tana motsewa ta rage nauyi, kuma basu da kyau ga wanda zai shuka. Ke mai ferewa cikin kwana goma basu hana ki komai ba.

Ita fumfuna ta gaske bata zama ɗigo-ɗigo a warwatse kuma bata kwanciya lif kamar toka. Gashi gareta. In kika ja hoton zaki ga kamar zare-zare ko saƙar gizo ta taso daga jikin doyar, kuma kusan kullum daga rauni take tashi, sara ko karaya ko inda aka ɓalle tsiro. Launinta ma yana baki labari. Wadda ta yi fari a gefe da kore ko shuɗi-shuɗi a tsakiya irin ta tsohon burodi ko ruɓaɓɓen lemu, masana suna kiran danginta Penisiliyam. Mai baƙin gari kamar an barbaɗa gawayi, irin wadda kike gani a ƙarƙashin ɓawon albasa, Asfajilas ce. Sai wata mai dogon gashi toka-toka da ƙananan baƙaƙen kawuna kamar kan allura, ita ce mafi sauri, tana mayar da doya laushi tiɓis da ruwa-ruwa cikin 'yan kwanaki a irin zafi da danshin Legas. Duk wadda kika ga ɗaya daga cikin ukun nan a hoto kar ma ki tsaya ciniki, ki ce a cire ta, kuma ki sa ido a kan waɗanda suke jingine da ita a tsibin.

Toh yanzu hoto na huɗu. Doya ce doguwa miƙaƙƙiya ba sara ba rami, amma ki buɗe ki ja wajen tsakiyarta zuwa kai. Kin ga wasu ƙananan tsage-tsage da yawa sun bi ta ko'ina kamar faso a dunduniya lokacin hunturu, a wani wajen ma ɓawon ya ɗan ɗago kamar zai ɓare da kansa? Ina kyautata zaton irin abun da ya cinye miki goman nan ne watan jiya. Busasshiyar ruɓewa ake ce mata, kuma mai jawo ta wata tsutsa ce ƙarama ƙwarai da ido baya gani sai da madubin likita, tana shiga doyar tun a gona ta zauna a ƙarƙashin ɓawo, bayan an haƙo an ajiye ta ci gaba da hayayyafa tana ci. Da farko wajen yana yin rawaya-rawaya, sai ruwan ƙasa, sai baƙi ya zama kamar busasshen gari-gari, yawanci bata wuce zurfin santimita 2 ba amma tana iya zagaye doyar gaba ɗaya, kuma tana buɗe wa fumfuna hanya ta ƙarasa aikin. Bata wari bata ruwa bata lotsawa sosai, wani lokacin ma ɓawon ko tsagewa baya yi, shi yasa hoto yake wanke ta tas. Kuma tana tsananta ne da daɗewar ajiya, doyar da aka haƙo a Disamba ta kai Afrilu ko Mayu ta samu wata huɗu biyar tana cinta a ɓoye.

Kar ki ce ai sama-sama ne sai in fere da kauri. Yi lissafi ki gani. Doya mai kaurin santimita 10 in kika cire santimita 1 ta ko wane gefe saura 8, kuma da yake abun zagaye ne ba kashi biyu cikin goma kika rasa ba, takwas sau takwas 64 ne a kan 100, kenan sama da kashi ɗaya cikin uku ya tafi bola. In ta ci santimita 2 saura 6, shida sau shida 36, kin biya kuɗin doya guda kin soya abun da bai fi sulusi da kaɗan ba. Mai soye-soye da ribarta take a yawan sala, wannan ai shine karyewar jari ba tare da an ji ƙara ba.

A bambanta ta da tsagewar girma fa. Wani lokacin doya tana tsagewa tun a ƙasa in ruwa ya sauka bayan fari, zaki ga tsaga ɗaya ko biyu dogaye masu zurfi, gefensu ya warke ya yi kauri da launin ɓawo. Wannan ba komai. Mai matsalar ita ce ƙanana da yawa marasa zurfi masu kama da raga.

Abun da hoto zai iya yi miki kenan, zai iya kama doya da laifi amma bazai iya wanke ta ba. In kin ga fumfuna ko lotsawa ko danshi kin gama hukunci. In baki ga komai ba toh baki ga komai bane kawai, domin abubuwan da mai saye yake dogara da su a kasuwa guda uku ne kuma duk waya bata ɗaukar su, nauyi a hannu, taurin da babban yatsa yake ji, da wari. Ni kaina da na taso ina bin babanmu rumfar doya tun ina 'yar firamare, an taɓa yi min haka, wani ya turo min hoton doya goma sha biyu da zan kai gidan suna, jere gwanin sha'awa, ashe duk an kwantar da su ne a kan ciwon, gefen da ke kallon ƙasa uku sun yi laushi har yatsa yana shiga. Tun ranar bana karɓar hoton gefe ɗaya.

Dan haka gyaran ba a idonki yake ba kaɗai, a irin hoton da kike karɓa ne. Hoton tsibi gaba ɗaya, daga nesa, a cikin rumfa ƙarƙashin shuɗiyar tamfol, bashi da amfani ko kaɗan sai dai ƙirga. Tamfol tana rina komai, shuɗiya tana sa toka ta yi kama da fumfuna, ja ko ruwan lemu tana ɓoye ruwan ƙasan ruɓewa. Filasha kuma tana sa busasshen ɓawo ya yi ƙyalli kamar jiƙaƙƙe, ta kuma shafe lotsawa tunda inuwa ce take nuna rami kuma filasha tana kashe inuwa. Ki ce ya fito da su bakin rumfa inda hasken rana yake amma ba cikin tsakiyar rana ƙwal ba, ya kashe filasha, ya goge gilashin kyamara da gefen riga dan wayar 'yan kasuwa kullum da maiƙo da ƙura, kuma hasken ya zo daga gefe. Sannan WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, ƙananan tsagen nan da gashin fumfuna su ne farkon abun da yake ɓacewa, sai ya danna HD kafin ya tura, ko ya tura ta Document, datar da zai ƙara ci bata kai kuɗin sala biyu ba. Kar ya wanke doyar kuma kar ya yayyafa mata ruwa, jiƙaƙƙen ɓawo duk duhu yake yi ya haɗe tabo da ruɓewa su zama ɗaya, ya dai kakkaɓe ƙasar da hannu, dan laka ma ana liƙa ta a rami.

Ga yadda zaki yi da rabin ƙwaryar nan. Ya shimfiɗa hamsin ɗin a ƙasa layi-layi, kawunan duk suna kallon waje ɗaya, ya ɗauka, sannan ya juya ko wacce ya sake ɗauka. Sai hoton kawuna kusa-kusa da na gindi, saboda nan ne ruɓewa ta fi farawa, kai wajen da aka yanke ta daga jijiya, gindi kuma shine mafi taushi shi yake fara daddaujewa a mota, ki tuna doyar nan daga Zaki Biyam ko Neja ko Nasarawa ta taso a tirela, an loda an sauke an sake lodawa kafin ta ga Mil 12. In kika ga tsiro a kai kar ya dame ki, tsohuwar doya ce ta farka bayan wata uku huɗu na barci, tsiron da yake fari ko ja-ja mai ƙarfi ma shaida ce kan yana da rai, a dai ɓalle shi dan yana shanye ta. Kan da ya yi baƙi ya lotsa shine abun gudu.

Daga nan sai gwajin farce, kuma shine zuciyar maganar. Ke zaki zaɓa ba shi ba, ki ce layi na biyu ta uku daga hagu, layi na huɗu ta ƙarshe, haka haka. Ko wacce ya kankare ɓawon da farce ko bakin mukulli kamar faɗin farcen babban yatsa, ɗaya kusa da kai ɗaya a tsakiya, ba tsaga mai zurfi ba, iya dai a ga abun da ke ƙasa. Lafiyayya zata nuna fari ko ruwan madara mai danshi, wata da ɗan kore-kore ko ja-ja siriri dab da ɓawo, duk lafiya ne. Mai cutar zata nuna ɗigon rawaya mai duhu ko ruwan ƙasa ko baƙi a bushe. Ya ɗauka nan take, saboda doya in ta sha iska tana sauya launi da kanta, wata cikin 'yan mintuna ta yi ja-ja ko ruwan ƙasa, kin sani ai tunda kina tsoma ta a ruwa in kin fere, kar ki zo ki zargi lafiyayya dan ya tsaya amsa waya kafin ya ɗauka. Bambancin shine sauyin iska yana rufe duk wajen da aka kankare bai ɗaya, cuta kuwa dabbare-dabbare take.

Guda nawa za a kankare? Nan mutane suke yaudarar kansu. A ce kayan irin na watan jiya ne, goma marasa kyau cikin hamsin. In guda biyar kika zaɓa da ka, kusan sau ɗaya cikin uku duk biyar ɗin zasu fito tas alhali goman suna nan kwance. In goma kika zaɓa sai ya koma kamar sau ɗaya cikin goma sha biyu. Dan haka goma, kuma ki haɗa da duk wadda kika ga faso a jikinta. In duk sun fito fari ki tura kuɗinki. In ɗaya ta nuna, a cire ta a ƙara kankare wasu biyar. In biyu ko uku suka nuna ki bar tsibin gaba ɗaya ko da an rage miki, domin doyar tsibi ɗaya galibi gona ɗaya ce ko rumbu ɗaya, abun da ya kama waɗannan yana jikin sauran. Waɗanda aka kankare kuma su zaki fara soyawa, tunda an buɗe musu ƙofa.

Taurin kuma bidiyo ne zai baki. Minti ɗaya ya isa, ya danna babban yatsa a kai da gindi da gefen duk wani tabo kina kallo, lafiyayyar doya bata motsi ko kaɗan kamar itace, in kika ga fatar ta shiga ko ta yi taushi ko ruwa ya tsattsafo an gama. Kiran bidiyo yana da kyau wajen zaɓe da dannawa dan ba a iya sauya miki kaya, amma hotonsa dishi-dishi ne, kar ki yanke hukuncin tabo da shi. Kuma ki tabbata hoton na ranar ne, dakon ma ranar, hoton Litinin ba shaida bane a kan doyar Alhamis musamman yanzu da ruwa ya fara sauka, ɗan karton da aka rubuta kwanan wata aka ajiye a gefe ya wadatar. Waɗanda aka zaɓa a yi musu alama da alli ko gawayi, dan tsakanin rumfa da mai baro da bayan mota ma kaya suna canja uwa.

In kaya sun iso kika tarar da wadda ta fara, doya abu ne mai tauri, ana iya cetonta in wajen ƙarami ne. Ƙa'idar da hukumar aikin gona ta Amurka take bayarwa a kan kayan lambu masu tauri ita ce a yanke a ƙalla inci 1, wato santimita 2 da rabi, kewaye da wajen fumfunar da ƙarƙashinsa, kuma kar wuƙar ta ratsa ta cikin fumfunar ta koma lafiyayyen waje. In bayan kin yanke har yanzu akwai jirwayen ruwan ƙasa yana bin ciki, ko tsami-tsamin wari, ko laushi, ki yar da ita duka, tafasasshen mai yana kashe fumfuna amma ba lallai ya kashe dafin da wasu suke bari ba, ke kuma 'yan makaranta kike sayar wa. Wannan rangwamen na masu tauri ne kawai. Tumatirin da kike haɗa sos da shi in ya yi fumfuna babu wani yankewa, mai ruwa ne zaren ya riga ya ratsa ko'ina, a hoto ma in kika ga farin gashi a tsagar tumatir ko ruwa a gindin kwando kin san sauran. Lemu kuma akasin abun da mutane suke zato ne, mai ɓawo ruwan ƙasa kamar tsatsa ko mai zane-zanen gogar reshe lafiyarsa ƙalau, wanda ya yi wani ɗan waje mai laushi kamar an jiƙa, ko da fari bai fito ba, shine gobe zai wayi gari kore.

Maganar ƙanin maigidanki kuwa, ni ban ga hujjar cewa ya cuce ki da gangan ba. Busasshiyar ruɓewar nan tana wuce tsofaffin dillalai ma in basu kankare ba, kuma da mai ɓoye-ɓoye ne da bai turo miki hoton ramuka da toka kusa-kusa haka ba, da ya kwantar da su a kan ciwon irin yadda aka yi min. Amma shirun da kika yi kuskure ne, shi yanzu a saninsa kaya sun yi kyau, wataƙila ma wajen mutumin da ya karɓo na farko ya koma. Ki fara gaya wa maigidan a nutse, ba da sigar ƙara ba, sannan ki yi wa ƙanin nasa magana ki ɗora laifin a kan doyar, ki ce kayan wancan karon sun zo da cuta a ƙarƙashin ɓawo guda goma, ina jin wanda ya baka ne bai gaya maka ba, dan Allah wannan karon a taimaka a kankare min waɗanda zan nuna kafin in tura. Kin bashi hanyar da zai koma wa mai kayan da hujja ba tare da ya ji kunya ba. Ku kuma yi magana tun yanzu kafin kuɗi su fita, in ta ƙara fitowa a cikin kwana uku zaki ɗauki hoton ferewar ki tura a musanya ko a cire a lissafin gaba, 'yan kasuwa sun saba da irin wannan sharaɗin in an yi shi tun farko, abun da basa so shine a zo da shi bayan an cinye rabi.

A wannan tsibin dai, ta ramukan ki ɗauka ki nemi ragi, ta tokar a danna gefenta a bidiyo tukunna, ta ƙwarin a goge a kankare, ta huɗun kuma ita za a fara sa wa farce. In ta nuna ruwan ƙasa ki ce ya nemo miki wani tsibin daga wata motar daban, ko ki ɗauki ashirin da biyar kawai wannan satin har ki ga yadda ferewar zata kaya.